Abin da Baki Ke Yi a Tsakanin Kalmomi

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya ratsa wani gari da ake rubuta sunansa iri biyu. A jikin wani allo za ka ga Ɗanbatta, a jikin wani kuma Ɗambatta. Amma tsayar da mutanen garin ka ce su faɗi sunan, ba za ka ji saɓani ba, kowa leɓɓansa sai sun haɗu kafin ya kai ga *b*. Haka ma sunan jami'ar Sakkwato. Ana rubuta Ɗanfodiyo, baki kuwa *Ɗamfodiyo* yake cewa. Babu wanda ya koya mana haka, kuma ba kasala ba ce ko lalacewar Hausa. Wata ƙa'ida ce da ke aiki a bakin kowane mai jin harshen, wadda masana tsarin sauti ke kira naso, wato wani sauti ya ɗauki siffar maƙwabcinsa, ko dai wani ɓangare nata ko kuma gaba ɗaya.

Dalilin abin ba shi da wuyar ganewa. Idan muna magana ba ma furta sauti ɗaya mu tsaya sannan mu ɗauko na gaba. Tun ba a gama da na farko ba, harshe da leɓɓa sun fara shirin na biyu, kamar yadda direba ke fara karkata sitiyari tun bai kai ga kwana ba. Shi ya sa a Hausa nason baƙaƙe kusan kullum daga gaba yake tahowa, sautin da ke zuwa shi ke juya wanda ya riga shi. Abubuwa uku ne kuma suka fi saurin juyuwa: wurin da aka tare iska a cikin baki, wato gurbin furuci, ko tantanin maƙwallato yana karkarwa ko ba ya yi, wato ziza, sai kuma ko iskar ta hanci take fita ko ta baki.

A fara da gurbi, domin nan ne abin ya fi fitowa fili. Ɗauki kalmar *gida* ka liƙa mata *n* ta mallaka, sannan ka riƙa sauya mai gidan. Ka ce *gidan Dauda*. Kan harshenka zai taɓa hanƙa, wato tudun nan da ke bayan haƙoran sama, inda ake yin *d*. Wannan ita ce *n* ɗin da kowa ya sani. Yanzu ka ce *gidan Bala*, kana kallon madubi. Harshen bai je hanƙa ba sam, leɓɓa ne suka rufe, abin da ya fito kuma *gidam Bala* ne. Sai *gidan Kande*. A nan leɓɓa a buɗe suke, kan harshe yana kwance, doron harshe ne ya tashi can ciki ya taɓa hanɗa, inda ake yin *k* da *g*. Wannan sautin ba shi da harafi a rubutunmu na boko, masana suna nuna shi da alamar ŋ, su rubuta *gidaŋ Kande*. A *gidan Yakubu* kuwa tsakiyar harshe ce ke matse ganɗa, irin sautin da ke cikin *hanya* da *kunya*.

Harafi ɗaya ke nan a takarda, sauti huɗu a baki. Abin da bai sauya ba shi ne fitar iska ta hanci. Toshe hancinka da yatsu biyu ka gwada jan ƙarshen *gidan* a kowane misali, za ka ji ya maƙale. Tunda wani ɓangare kaɗai na siffar sautin ya tafi, wani ya zauna, ana kiran wannan ragaggen naso.

Wani zai ce to ina *f* ta shiga, har *an faɗa* ta zama *am faɗa*? Amsar ita ce *f* ɗin Hausa ba irin ta Larabci ko Turanci ba ce, wadda ake yi da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Tamu da leɓɓa biyu ake yin ta, shi ya sa take jan *n* zuwa *m* daidai yadda *b* da *ɓ* ke yi, kamar a *kumfa* da *famfo*. Gabanin *w* da *h* da hamza kuma, ŋ ake samu: saurari *kanwa*, *sanho*, *ɗan'uwa*. Idan *n* ta zo ƙarshen magana, babu wani sauti a gabanta, nan ma ŋ take komawa, kamar a *zo nan* da *je can*.

Ita ma *m* ba ta tsira ba, sai dai a nan kare-karen Hausa sun rabu. Daga *ƙazami* Bakano ya sami *ƙazanta*, daga *malami* ya sami *malanta*, daga *azzalumi* ya sami *zalunci*. Da wasalin da ke raba *m* da baƙin gaba ya faɗi, sai *m* ta bar leɓɓa ta bi *t* ko *c*. Basakkwace kuwa yakan riƙe ta yadda take, ya ce *ƙazamta*, *zalumci*, *ɗumki* inda Bakano ke cewa *ɗinki*. Wanda ya ji *ɗumki* ya yi dariya bai san tsohuwar siffar kalmar ce yake wa dariya ba. Ko a Kano ɗin ma sai ka ji *hamsin* da *hansin*, *Hamza* da *Hanza*, a unguwa ɗaya. Ninkin aikatau ma yana nuna abin: idan aka ninka gaɓar farko ta *tambaya* ba *tamtambaya* ake samu ba, *tantambaya* ce, ko kuma *tattambaya*.

Ziza ta fi gurbi ɓuya, domin ba a ganin ta a madubi. Amma ana taɓa ta. Ɗora yatsa a maƙogwaronka ka ja *sss*, sannan ba tare da ka motsa harshe ba ka koma *zzz*. Karkarwar da ka ji a yatsanka a karo na biyu ita ce ziza. *Z*, *b*, *d*, *g* masu ziza ne. *S*, *f*, *t*, *k* marasa ziza ne. Kunna wannan karkarwa da kashe ta a tsakiyar baƙaƙe biyu da ke manne da juna aiki ne, sai baki ya zaɓi hanya mai sauƙi, ya sa na farko ya bi na biyu.

Dubi jerin nan: *aska*, *iska*, *fuska*, *kasko*, *taska*. Duk *s* ce, domin *k* ba ta da ziza. Ga kuma *fizge*, *mazge*, *hazbiya*. Duk *z* ce, domin *g* da *b* suna da ita. Kalmar da aka aro daga Larabci ma ta bi sahu. Asalin *tasbaha* da *s* take, kamar *tasbihi*, amma a bakin mutane da yawa *tazbaha* ce, saboda *b* ɗin da ke gaba. Idan ka ga ana rubuta *tasgaro* yau, gobe *tazgaro*, wannan ce ta jawo.

Haka *b* da *f* suke yi a ƙarshen gaɓa. Gabanin mai ziza *b* ake ji: *zabga*, *jibge*, *gabza*, *Abdu*. Gabanin marar ziza *f* ake ji, ko wani sauti kusa da ita da leɓɓa ke rufewa ruf: *tafki*, *cafke*, *tafka*, *kyaftin*. Daga nan ne tsohuwar gardamar *tsabta* da *tsafta* ta samo asali. Mai rubuta *tsabta* da *tabki* yana bin siffar da ya saba gani a littattafai, mai rubuta *tsafta* da *tafki* yana bin kunnensa. Ni dai na fi karkata ga na biyu, tunda a cikin kalma ɗaya rubutunmu ya saba bin furuci, kuma da ƙyar za a sami wanda ke furta *b* mai cikakkiyar ziza gabanin *t* idan ba karatu yake yi da gangan ba.

Wannan nason yana da iyaka da ya kamata a lura da ita. Ba kowane mai ziza ne ke jan *s* zuwa *z* ba. *M* da *l* masu ziza ne, amma *Usman* da *Isma'ila* da *Islamiyya* suna nan da *s* ɗinsu. Baƙaƙen da ke tare iska da ƙarfi, irin su *b*, *d*, *g*, su ne ke da wannan tasirin.

Sai hanci, inda abin ya fi shafar marubuta. Can bayan baki hanɗa tana aiki kamar ƙyaure. Idan ta ɗaga, hanyar hanci ta rufe, iska ta bi ta baki. Idan ta sauka, iska ta bi ta hanci, a sami *m* da *n*. Saukar nan ba ta jiran lokacinta. A *hanci* ko *can*, tun ana cikin wasalin *a* hanɗa ta fara sauka, shi ya sa wasalin yake fita da ɗan amon hanci, ba kamar *a* ta *haka* ba. Wannan hancintawar wasali ba ta sauya ma'ana a Hausa, ba a kuma rubuta ta. Inda take da nauyi shi ne idan ta faɗa wa baƙi, musamman *r* ta mallakar mace.

Ita wannan *r* ɗin, ta *rigar* da *motar* da *kasuwar*, ba ta da taurin kai ko kaɗan. A magana ta yau da kullum takan narke gaba ɗaya ta zama tagwayen baƙin da ke gabanta: *rigar Bala* ta zama *rigab Bala*, *motar Kande* ta zama *motak Kande*, *rigarsa* ta zama *rigassa*. Wannan shi ne cikakken naso, domin babu abin da ya rage na *r*. Haka *r* ta *har*, *kar*, *bar* da ta aikatau irin su *sayar* da *fitar* ke yi: *had da*, *kak ka je*, *bash shi*, *sayad da*. Wanda ya karanta tsofaffin littattafan boko ya sha cin karo da *mayad da* da *tsayad da* a rubuce. To idan baƙin gaba ɗan hanci ne fa? Sai *r* ta zama 'yar hanci ita ma. *Bar mini* ta koma *bam mini*, *motar Musa* ta koma *motam Musa*, *yarinyar nan* ta koma *yarinyan nan*, *ɓarna* ta koma *ɓanna*.

A nan ne hanyoyi biyu suka haɗu a wuri ɗaya. Ka faɗi *'yan Musa* da sauri: *n* ta bi leɓɓa, an sami *'yam Musa*. Ka faɗi *'yar Musa* da sauri: *r* ta narke cikin *m*, an sake samun *'yam Musa*. Ɗiya guda da 'ya'ya da yawa sun zama abu ɗaya a kunne, sai sauran jimlar ce za ta raba gardama, ko *ta zo* ko *sun zo*. Haka yake faruwa gabanin *l* da *r*, domin a can *n* ma takan yi cikakken naso, kamar yadda *Ɗan Ladi* ke zama *Ɗalladi*, *son rai* ke zama *sor rai*.

Ga dabarar da za ta fitar da marubuci daga shakka, ba sai ya buɗe ƙamus ba. Idan kunnenka ya ji *kasuwan nan* kana kokwanton me za ka rubuta, cire *nan* ka sa kalmar da ta fara da *k*. Idan bakinka ya ce *kasuwak Kurmi* ko *kasuwar Kurmi*, to *r* ce a ƙasa, sai ka rubuta *kasuwar nan*. Gwada da *gida*: babu mai cewa *gidak Kande*, *gidaŋ Kande* ake cewa, ashe *n* ce ta asali. Sai dai dabarar tana aiki ne ga wanda karin harshensa ya raba jinsi a wannan gurbi. A wasu kare-karen, kamar na Zazzau da na Bauci, da Hausar da ake yi a zangon Gana, akan yi amfani da *n* ga namiji da mace baki ɗaya, a ce *motan Kande*. Wannan ba naso ba ne, bambancin nahawun kari ne, kuma mai irin wannan karin sai ya nemi jinsin kalmar ta wata hanya, misali ya duba ko *mota ce* ake cewa ko *mota ne* a daidaitacciyar Hausa.

Bari mu ɗauki jimla guda mu bi ta gaɓa-gaɓa, kamar yadda wani zai faɗe ta a tasha ba tare da ya tsaya ba: *Sun bar motar Malam Garba a bakin tafkin nan tun ƙarfe takwas da rabi.*

Mahaɗar farko ita ce *sun* da *bar*. *B* baleɓiya ce, sai *n* ta koma *m*, gurbi kaɗai ya sauya. Ta biyu *bar* da *motar*, inda *r* ta narke cikin *m*, ta ɗauki gurbinta da hancinta duka. Ta uku *motar* da *Malam*, abu ɗaya ya sake faruwa. Zuwa nan mun sami *sum bam motam*, wato *m* uku a jere, ɗaya daga *n*, biyu daga *r*. A *Malam Garba* abin ya juya, *m* ta gaskiya ce ta bar leɓɓa ta koma hanɗa saboda *g*, aka ji *Malaŋ Garba* a bakin Bakano, ko da yake wani zai riƙe *m* ɗinsa. A *bakin tafkin nan* ba abin da ya motsa, domin *t* da *n* 'yan hanƙa ne, *n* tana gida. Cikin *tafki* kuwa *k* ta riga ta kashe zizar baleɓen da ke gabaninta. *Nan tun* ta danganta da numfashi. Idan mai magana ya zarce, *n* ce ta hanƙa saboda *t*. Idan ya ɗan dakata bayan *nan*, sai ta koma ŋ. *Tun ƙarfe* ta ba da *tuŋ ƙarfe*. A *takwas da rabi*, mai sauri yakan bar zizar *d* ta hau kan *s*, a ji kamar *takwaz da rabi*, mai magana a tsanake kuma ya bar ta *s*.

Akwai wata *r* a jimlar da ba ta yi komai ba, ta cikin *ƙarfe*. Babu mai cewa *ƙaffe*, kamar yadda babu mai cewa *sakki* a maimakon *sarki*. Hausa tana da *r* iri biyu da boko ya haɗe a harafi ɗaya: ra-kaɗe, wadda harshe ke lanƙwasawa baya ya kaɗo sau ɗaya, da ra-gare, wadda kan harshe ke bugun hanƙa. Ta *ƙarfe* da *sarki* ra-kaɗe ce. Mai narkewar ra-gare ce, ita ma ba ko'ina ba, ta fi yin haka a ƙarshen kalma, a mallaka da ƙananan kalmomin da muka ambata. *Harka* da *farke* suna da ra-gare, amma ba su zama *hakka* da *fakke* ba.

Me ya sa ba ma rubuta jimlar yadda aka faɗe ta? Domin ƙa'idar rubutun Hausa, wadda aka yi ta daidaitawa a tarurruka irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, ta tsaya a tsaka-tsaki. A cikin kalma ɗaya ana bin baki, a rubuta *m* gabanin *b*, *ɓ*, *f*: *tambaya*, *dambe*, *bambanci*. Saboda haka *tanbaya* da *banbanci* da suka cika saƙonnin waya kuskure ne, kuma kuskure mai ban mamaki, tunda mai rubutun ma ba haka yake furtawa ba. A tsakanin kalmomi kuwa ana riƙe siffar asali, a rubuta *gidan Bala*, *sun ba ni*, *rigar Musa*, *sayar da*. A ganina wannan zaɓi ne mai kyau. Da za a bi baki a ko'ina, da *rigar* kaɗai ta fito da fuska kusan yawan baƙaƙen harshen, *rigab*, *rigak*, *rigas*, *rigam*, ido ya rasa abin kamawa, kuma da *'yar Musa* da *'yan Musa* sun rikice a takarda yadda suke rikicewa a kunne. Sunaye irin su Ɗambatta suna tangal-tangal ne don sun faɗa kan iyaka, wani yana kallon su kalma ɗaya, wani yana ganin biyu.

Wanda ya yi karatun tajwidi zai ga duk wannan ba baƙo ba ne gare shi. Hukunce-hukuncen nunun da ke ɗauke da sukun naso ne tsantsa, wanda malaman ƙira'a suka tsara tun ƙarnoni da dama. Iƙlabi, inda nun ke komawa mim gabanin ba, shi ne *gidam Bala*, kuma shi ya sa kalmar Larabci da ake rubutawa da nun ta shigo Hausa a matsayin *mumbari*. Idgami gabanin lam da ra shi ne *Ɗalladi* da *sor rai*. Ikfa'i, mai haruffa 15, ya yi kusa da ragaggen nasonmu, inda harshe ke matsawa wajen harafin gaba, amon hanci kuma ya zauna. Lam ɗin *al* da ke narkewa gabanin haruffan shamsiyya 14 ita ta bar mana *addini*, *attajiri*, *annabi* da *azzalumi*, alhali *alƙali*, *albasa* da *alkama* suna nan da *l* ɗinsu.

Inda harsunan biyu suka saɓa shi ne izhari. Tajwidi ya ce gabanin haruffan maƙogwaro shida, ciki har da hamza da ha, a bayyana nun sarai, kan harshe ya taɓa hanƙa. Bakin Bahaushe kuwa, kamar yadda muka gani a *ɗan'uwa* da *sanho*, ya saba mayar da *n* zuwa ŋ a daidai wannan gurbi. Shi ya sa malamin Islamiyya kan yi ta mayar da ɗalibi baya a kan izhari, alhali iƙlabi bai taɓa ba shi wahala ba. Gyaran shi ne ɗalibin ya rage sauri, ya tabbatar kan harshensa ya taɓa bayan haƙoran sama kamar zai ce *na*, sannan ya sake shi ya furta harafin maƙogwaron.